Jadawalin bayanin taro: batu, tattaunawa da matsaya

*Assalamu alaikum, Malam. An zaɓe ni sakatariyar ƙungiyar iyaye da malamai ta wata Islamiyya a Tudun Jukun. Shugabanmu ya ce daga yanzu in riƙa rubuta bayanin taro a jadawali mai rukuni uku: batu, tattaunawa, matsaya. Na gwada a kwamfuta, sai ya fito shafi bakwai, rukunin tsakiya cike maƙil, na ƙarshe kusan fayau. Ina gyaran yake?*

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya taya ki riƙo.

Gyaran yana farawa ne tun kafin ki kunna kwamfuta, kuma daga rukunin ƙarshe yake farawa. Yawancin masu sabon hannu suna cika jadawali daga hagu zuwa dama, kamar yadda taron ya gudana: a rubuta batu, a zuba duk abin da aka faɗa, in an iso ƙarshe a ga ba abin rubutawa sai "an amince" ko "za a duba". Ki juya tsarin. A kowane batu, ki fara rubuta matsaya, sannan ki dawo tsakiya ki rubuta iya abin da zai sa mai karatu ya gane dalilin da ya sa aka tsaya a kan hakan. Duk maganar da ba ta taimaka wajen fahimtar matsayar ba, ba ta da gurbi a jadawalin, ko da babban mutum ne ya yi ta, ko da ya ɗauki rabin awa yana yi.

Dalili shi ne yadda ake karanta irin wannan takarda. Na yi aikin sakataren kwamiti a ofis, na kuma yi a ƙungiyoyin unguwa a nan Zariya, kuma abin da na gani kusan ɗaya ne: in an ɗauko bayanin taro bayan wata uku, ba wanda ke karanta shi daga sama har ƙasa. Mutum zai ɗora yatsa a rukunin dama ya gangaro, yana neman me aka yanke, wa aka ɗora wa, nawa aka ware. Sai in gardama ta tashi ake leƙa tsakiya. Saboda haka ma'aunin da nake bai wa kowane sabon sakatare shi ne ya sa tafin hannu ya rufe rukunin farko da na biyu, ya karanta na ukun shi kaɗai. In wanda bai halarci taron ba zai iya tashi ya aiwatar da abin da ke ciki ba tare da ya kira kowa a waya ba, rubutun ya yi. In sai ya tambaya, da saura.

Matsaya cikakkiya tana ɗauke da abu huɗu: me za a yi, wa zai yi, zuwa yaushe, da kuma nawa in akwai kuɗi a ciki. Bari mu ɗauki misali irin wanda ba a rasa shi a makarantun unguwa in damina ta kawo kai. A ce kwamitin zartarwarku mai mutum 11 ya zauna a farkon Afrilu, zama na uku a shekarar. Batu na huɗu a ajanda shi ne rufin ajujuwa biyu da ke yoyo. Shugaban makaranta ya yi bayani. An karanto kiyasin kafintoci biyu: ɗaya ya ce zai yi faci a kan N310,000, ɗaya ya ce a sauya kwanon baki ɗaya a kan N480,000. Ma'aji ya ce abin da ke asusu N350,000 ne. Daga nan zance ya ɓalle. Wani dattijo ya ba da tarihin yadda aka gina ajujuwan. Wata uwa ta ce bara ma faci aka yi, ruwa na biyu bai sauka ba ya sake ɓulewa. Wani ya ce iyaye sun gaji da karo-karo. Aka yi ta ja, a ƙarshe aka ɗaga hannu, mutum 8 suka zaɓi sauya kwano, 3 suka zaɓi faci. Shugaba ya ce, "To shi ke nan, Allah ya sa albarka," aka wuce batu na gaba.

A wannan gaɓar ce ake rasa matsaya. Kowa ya tashi da tunanin an gama magana, alhali ba a ce wa zai kira kafinta ba, ba a ce daga ina ragowar kuɗin zai fito ba. Sakatariya ba ta da ikon cike wannan giɓin daga kanta in ta koma gida. Abin da za ki yi shi ne, kafin a wuce, ki ɗaga hannu ki ce, "Ranka ya daɗe, in karanto abin da na rubuta a matsaya?" Ki karanto, sannan ki tambayi abin da ya rage: wa zai yi, zuwa yaushe? Ba rashin kunya ba ne, aikinki ke nan, kuma shugaba mai hankali zai ji daɗi, domin minti biyun nan ne ke hana rigimar wata biyu. Da yawa daga cikin rukunan da ke fitowa fayau, ba rubutun ne ya gaza ba. Taron ne bai yanke komai ba, jadawalin ya tona.

A ce kin yi tambayar, an ba ki amsa. Ga yadda layin zai fito, tare da wanda ke biye da shi:

| Batu | Tattaunawa | Matsaya |
|---|---|---|
| 3.4 Gyaran rufin aji 2 da aji 3 | Shugaban makaranta ya sanar cewa ajujuwan biyu suna yoyo. An duba kiyasi biyu: faci N310,000, sauya kwano N480,000. Ma'aji ya ce akwai N350,000 a asusu. Masu goyon bayan sauyawa sun ce facin bara bai kai ƙarshen damina ba. Masu goyon bayan faci sun nuna damuwa kan ƙara wa iyaye nauyi. | (a) An amince a sauya kwanon ajujuwan biyu a kan N480,000. Ƙuri'a 8 da 3. (b) Ma'aji ya fitar da N300,000 daga asusu zuwa 25 ga Afrilu. (c) A kai wa babban taron iyaye na 20 ga Afrilu shawarar karo-karon N1,000 kowane gida, don cike N180,000. (d) Shugaban makaranta ya kula da aikin, ya kawo rahoto da rasit a zama na 4. |
| 3.5 Ƙarin malamin hadda | An nuna buƙatar ƙarin malami saboda yawan ɗalibai. Ba a kawo lissafin albashi ba. | An ɗage zuwa zama na 4. Ma'aji ya zo da lissafin albashin wata shida. |

Ki dubi rukunin tsakiya. Muhawarar da ta ci kusan awa ɗaya ta koma jimla biyar, kuma ba a zalunci kowa ba. Hujjar masu rinjaye tana nan, hujjar waɗanda aka rinjaya ma tana nan. Tarihin ginin da dattijo ya bayar bai shiga ba, domin bai sauya komai a hukuncin ba. Ki lura kuma ba a ce wane ya ce, wance ta ce ba. Ana tattara magana ne bisa ra'ayi, ba bisa bakin da ta fito ba. Mutum biyar in sun faɗi abu ɗaya da kalmomi daban-daban, jimla ɗaya ta ishe su. Wannan kaɗai zai rage miki rabin shafukan nan bakwai, kuma yana da wani amfani a zaman unguwa irin namu, inda gobe za a haɗu a gidan suna ko wajen ta'aziyya: takarda ba za ta zama abin nuni a ce ga wanda ya hana a yi wa yara rufi ba. Inda ake ambaton mutum shi ne in shi ya kawo rahoto, in shi aka ɗora wa aiki, in shi ya gabatar da ƙuduri ko ya mara baya, ko kuma in shi da kansa ya ce a rubuta cewa bai yarda ba. Ko a nan ma, muƙami ya fi suna, domin ma'aji yana sauyawa amma nauyin yana nan kan kujerar. In aikin na wanda ba shi da muƙami ne, to dole a sa cikakken sunansa.

Sai kuma abin da na fi so ki riƙe, wato bambancin (b) da (c). A (b) kwamiti ya ba da umarni, domin kuɗin asusu yana ƙarƙashin ikonsa. A (c) bai ce an ɗora wa iyaye N1,000 ba, ya ce a kai shawara gaban babban taro, domin a misalin nan babban taro ne ke da ikon ɗora wa iyaye kuɗi. In kika rubuta "an amince kowane gida ya biya N1,000", kin ba kwamiti ikon da ba shi da shi, kuma ranar da wani uba ya tashi ya ce wa ya yanke wannan, takardarki ce za a ɗaga. Ki duba kundin tsarin ƙungiyarku ki ga me ke hannun kwamiti, me ke hannun babban taro. Sannan ki tsaya kan kalmomi kaɗan da za ki riƙa buɗe kowace matsaya da su, kada ki sauya su don kwalliya: an amince, ba a amince ba, an ba da shawara, an ɗage, an miƙa wa kwamiti, an saurara. Na ƙarshen na rahoton da aka ji ne kawai ba a yanke komai a kansa ba. "Za a duba" kuwa ki kore shi daga rukunin nan gaba ɗaya. Wa zai duba? In akwai shi, a faɗe shi da ranar da zai dawo da amsa. In babu, gaskiyar magana an ɗage ne, sai a rubuta hakan.

Kada ki taɓa barin gurbin matsaya babu rubutu. Wanda ya karanta ba zai san ko mantuwa kika yi ko ba a yanke ba, sannan fili a takardar da aka riga aka sa wa hannu ƙofa ce ga mai son ƙara abin da ba a ce ba, musamman inda aka yi zancen kuɗi.

Lambar da ke rukunin farko ma tana da aiki. 3.4 na nufin zama na uku, batu na huɗu. In kowane zama kika fara daga 1 kawai, bayan wata shida kina da batu na 4 har guda shida, ba a san wanne ake nufi ba. Da wannan lambar kuwa, a zama na gaba in an zo bibiyar abin da aka yanke a baya, sai ki buɗe layi ki rubuta "4.2 Bibiyar 3.4: rufin ajujuwa", a tsakiya ki sa abin da shugaban makaranta ya kawo, a ƙarshe ki rubuta an kammala ko kuma sabon wa'adi. Sunan batun ya zama gajere, kuma ya zo daidai da yadda yake a ajanda. In batu ɗaya ya ƙunshi abubuwa biyu masu hukunci daban, kamar kuɗin makaranta da kuɗin littafi, ki raba su layi biyu. Dokar ita ce batu ɗaya, layi ɗaya, kuma matsayarsa tana daura da shi.

Ba komai ne ke shiga jadawalin ba. Sunan ƙungiya, lambar zama, kwanan wata, wuri, lokacin farawa, mahalarta, masu uzuri da wanda ya buɗe taro da addu'a duk a sama suke, a rubutu na yau da kullum. Lokacin tashi, ranar zama na gaba da wurin sa hannun shugaba da sakatariya a ƙasa. Waɗannan ba su da tattaunawa ba su da matsaya, in aka cusa su ciki sai su haifar da gurabe marasa komai. Amincewa da bayanin zaman baya dai yana shiga, tunda hukunci ne: an amince da shi yadda yake, ko bayan gyara kaza.

Yanzu sai kwamfutar. Ina ɗauka da Word kike aiki, ko naki ko na shagon buga takardu.

Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. In kika bar ta a tsaye da gefe na santimita 2 hagu da dama, 17 ya rage miki, kuma Word zai raba shi uku daidai wa daida. Ke nan rukunin batu, mai kalma biyar, ya samu fili ɗaya da rukunin tattaunawa mai jimla biyar. Shi ya sa rubutun tsakiya ke zuba ƙasa siriri kamar zaren lilo, gefe da gefe kuma fari fat, takarda tana ƙarewa a banza. Ki kwantar da takardar: `Layout`, sai `Orientation`, sai `Landscape`. Da gefen santimita 2, yanzu kina da 25.7. Ki ba batu 4.5, tattaunawa 12.7, matsaya 8.5. Ana sa waɗannan ne in kika danna dama a cikin jadawalin, kika zaɓi `Table Properties`, kika shiga `Column`. Kada ki matse rukunin matsaya don ki faɗaɗa na tsakiya. In tsakiya ta yi miki kaɗan, rubutun za ki rage. Bayan nan ki je `AutoFit` ki zaɓi `Fixed Column Width`, don kada faɗin ya riƙa motsi duk lokacin da aka ƙara rubutu.

Abu na biyu shi ne kanun jadawali. In bayanin ya kai shafi biyu ko uku, ana so "Batu, Tattaunawa, Matsaya" su bayyana a saman kowane shafi. Kada ki sake buga su da hannu, domin da zarar an ƙara jimla ɗaya a sama, kanun da kika buga zai zame ya koma tsakiyar shafi. Ki sa alamar rubutu a layin farko, ki shiga `Table Properties`, sai `Row`, ki yi alama a `Repeat as header row at the top of each page`. In kin yi haka bai fito ba, abu biyu ne suka fi jawo shi: ko dai `Text wrapping` yana kan `Around` maimakon `None`, ko kuma an danna `Ctrl+Enter` a cikin jadawalin, wanda ke datse shi ya zama jadawali biyu.

A wannan wurin dai akwai wani akwati, `Allow row to break across pages`. In yana da alama, layi ɗaya zai iya rabuwa, rabi a wannan shafi rabi a na gaba. Ga gajerun batutuwa gara ki cire alamar, don batu da matsayarsa su zauna wuri ɗaya. Amma in layi ya yi tsawo sosai kuma kin cire, zai tsallaka shafi na gaba ɗungurungum ya bar miki rabin shafi fari. In kin ga haka, mafi yawan lokaci alama ce cewa batun yana son a raba shi biyu ko a rage masa magana.

Kuskuren da na fi gani a takardun da ake bugowa a shaguna shi ne a yi jadawali mai dogon layi ɗaya tak, a zuba dukkan batutuwa a gurbi ɗaya, sannan a riƙa danna `Enter` a rukunin dama har matsaya ta sauko daura da batunta. A allon kwamfuta yana kama da daidai. Ranar da aka gyara kalma ɗaya, ko aka buɗe shi a wata kwamfutar, sai matsayar rufi ta koma gaban batun malamin hadda. Gane shi ba wuya: ba za ki ga zanen da ya raba batu da batu ba. In za ki ba wani ya buga miki, ki tsaya a kansa ki ce kowane batu da layinsa. In ke ce da kanki, danna `Tab` a gurbin ƙarshe yana buɗe sabon layi. Girman rubutu 11 ya isa, kuma ki jingina shi hagu. In aka daidaita gefe biyu a cikin matsattsen rukuni, kalmomi suna warwatsewa da manyan giɓi a tsakaninsu.

Da yake yawancin iyaye a waya za su karanta, ki mayar da shi PDF kafin ki tura a WhatsApp. Fayil ɗin Word yana iya hargitsewa a waya, kuma kowa na iya taɓa shi. Ki rubuta "daftari" a samansa har sai zama na gaba ya amince da shi an sa hannu.

A zauren taro kuma ba sai da kwamfuta ba. Ki samu babban littafi mai bango mai tauri, irin na rajista. Ki buɗe shafi biyu masu kallon juna: na hagu ki ja masa layi da rula, siririn gefe na batu, sauran na tattaunawa, na dama gaba ɗaya na matsaya. Tun a gida ki rubuta lambobi da sunayen batutuwa daga ajanda, ki bar wa kowanne fili. A shafin hagu ki yi rubutun sauri yadda ya zo miki. A na dama ki rubuta a natse da cikakkiyar jimla, domin ita za ki karanto wa shugaba, kuma ita za ki kwafe ba tare da sauya kalma ba. Ki yi ƙoƙari ki buga a ranar ko washegari, tun kina iya karanta rubutun saurinki.

Akwai inda jadawalin nan ba ya wadatarwa, gara ki sani tun yanzu. In zaman na ladabtarwa ne, misali ana tuhumar malami ko ana sasanta rikicin filin makaranta da maƙwabci, to a nan wa ya ce me, da wace tambaya aka yi masa, da amsar da ya bayar, duk suna da nauyi, kuma taƙaitawa na iya zama zalunci. Irin wannan a rubuta shi cikakke a takarda daban, a jadawali a sa "duba rataye na 1" tare da hukuncin. Haka rahoton kuɗi na ma'aji: kada ki kwafe lissafinsa cikin rukunin tsakiya, ki rubuta abin da ya shigo, abin da ya fita da abin da ya rage, ki liƙa takardarsa a baya. Sannan in kuka yanke sauya masu sa hannu a asusun banki, banki yakan nemi ƙudurin a takarda mai kan ƙungiya, da sa hannun shugaba da sakatariya. Ki rubuta wannan matsayar da cikakkun sunaye da muƙamai tun a jadawali, wa aka cire, wa aka sa, mutum nawa ne za su sa hannu kafin kuɗi ya fita, yadda in an zo cirowa kwafewa kawai za ki yi.

Shafukan nan bakwai da ke hannunki, ki ɗauko su da jan biro. Ki bi batu-batu, ki rubuta matsayar kowanne da abubuwan nan huɗu. Inda kika tarar ba a faɗi wanda zai yi ko ranar gamawa ba, kada ki ƙirƙira. Ki rubuta iya abin da aka yanke, ki yi wa wurin alama, ki nuna wa shugaba don a cike shi a zama mai zuwa wajen bibiya. Sannan ki soke duk jimlar tsakiya da ba ta kai mai karatu ga matsayar ba. Zaman awa biyu mai batu shida ko bakwai, in an kwantar da takarda an gyara faɗin rukunan, bai cika wuce shafi biyu zuwa uku ba.